Kuɗin ake tsayarwa, ba buhun ba

Ni akawu ne. Shekaruna da dama ina riƙe da littafin wata ƙaramar ƙungiyar ma'aikata a nan Haɗeja, yawanci malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, waɗanda ke haɗa kuɗi duk wata su sayi shanshera. Wani kaso na cin gidajensu ne, sauran kuma matan ƙungiyar su guma, a kai inji, a sayar. Babu tambayar da ta fi yawan zuwa mini kamar wannan: "Malam Akawu, mu saya yanzu ko mu jira ta sauka?" Na daina amsa ta, domin ni ma ban san gobe ba. Abin da muka yi shi ne muka tsayar da kuɗi, muka tsayar da rana. Albashi na shiga, ranar kasuwa ta farko mu fita da adadin nan, ko buhu ya yi tsada ko ya yi araha.

A Turance sunan tsarin yana ɗauke da kalmar dala, shi ya sa wasu ke zaton sayen dala ake nufi. Ba haka ba ne. A kasuwar hannun jari ta Amurka ya yi suna, kuma Benjamin Graham ya yi bayaninsa a littafinsa na 1949. Da naira ma daidai yake aiki, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin mai awo ba.

Ga misali, da farashin da na daidaita don lissafi ya yi sauƙi. A ce muna fitar da naira 240,000 kowane wata. Watan farko buhu yana 40,000, muka samu shida. Wata na biyu sabuwa ta shigo daga fadama, ya sauko 30,000, muka ɗauki takwas. Na uku ya hau 48,000, buhu biyar. Na huɗu ya kai 60,000, huɗu kacal muka dawo da su. Mun kashe 960,000, muna da buhu 23, wato kowane buhu ya tsaya mana a kan kusan 41,700. To amma idan ka haɗa farashin watannin huɗu ka raba, 44,500 za ka samu. Maƙwabcinmu da ya ce shi buhu shida zai riƙa saye duk wata, a 44,500 ɗin nan kowane buhu zai tsaya masa. Ina bambancin ya fito? Kuɗinmu da ba ya motsi shi ya tilasta mana kwasar da yawa ranar araha, ya kuma riƙe mana hannu ranar tsada. Shi kuwa maƙwabci, a watan tsada ne ya fi zuba kuɗi.

Wahalar ba a lissafin take ba, a zuciya take. A watan da buhu ya faɗi, sai ka ji an ce a dakata, zai ƙara faɗuwa. A watan da ya tashi, sai mutanen nan dai su ce a ciwo bashi a ƙara, kafin ya fi haka. Na taɓa bin irin wannan shawara. Muka tsallake watan araha muna jiran abin da ya fi shi, kuɗin ya kwana a hannun membobi, hidimar biki da ta asibiti suka ci rabinsa, da muka koma kasuwa buhu ya riga ya tashi. Ranar da nake karanta rahoto, wata dattijuwa cikinmu ta dube ni ta ce, "Ɗana, ba mun yi da kai rana ba ta tashi ba?" Ban manta ba. Tun daga nan muka rubuta a dokar ƙungiya cewa ba a sauya adadi ko rana sai a taron shekara.

Sauya adadin a taron shekara kuwa wajibi ne. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin mota da na kaya suka yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Wanda ya bar adadinsa yadda yake tun 2022 yana nan yana cika alkawari, amma buhunan da yake ɗauka sun ragu. Mu kason albashi muke dubawa, idan an yi ƙari mu ɗaga.

Akwai abin da nake so mutanenmu su ji da kyau, domin masu tallan wannan tsari ba sa faɗarsa. Ba ya hana asara. Koma kan misalin nan: idan lokacin sayarwa buhu ya dawo 35,000, buhu 23 ɗinmu 805,000 za su kawo, mun yi asarar 155,000. Wanda ya ga yadda shinkafa ta sauko a 2025 ya san hakan na faruwa. Sannan shanshera tana da lokacinta da kowa ya sani. Sau biyu take sauka a yankinmu, da kakar damina da kuma lokacin girbin rani, musamman ga masu noma da ruwan aikin ban-ruwa na kwarin Haɗeja wajen Auyo. Mai 960,000 a hannu ranar da buhu yake 30,000, buhu 32 zai ɗauka, ya fi mu da tara. Irin wannan mutum ba zan ce ya raba kuɗinsa huɗu ba. Tsarin na mai albashi ne, wanda kuɗinsa ke zuwa kaɗan-kaɗan, ba shi da dunƙulallen jari da zai jira kaka da shi.

Wani ramin kuma shi ne buhun kansa. Arahar kaka wani lokaci ruwa ce. Ɗanyar shanshera tana da nauyi, bayan mako uku ta bushe ta rage, ko ta yi zafi ta yi fumfuna. Idan babu na'urar auna danshi da za ta nuna kusan kashi 14 cikin ɗari, sai ka ɓare ƙwaya ka sa a haƙori. Busasshiya ƙas take karyewa, mai danshi kuwa dagargajewa take yi. Ina kuma ɗora kowane buhu a sikeli in rubuta kilo, saboda cikon buhun wannan dillali ba ɗaya yake da na wancan ba. A littafina kowane saye layi ɗaya ne: rana, kuɗin da aka fitar, kilo nawa, sai kuɗin dako da na mota da la'ada. Waɗannan ƙananan kuɗi su suka sa muka zaɓi wata-wata maimakon mako-mako, domin hayar mota a kan buhu ɗaya tana cinye ribar da lissafin ya kawo. Ajiya ma kuɗi ce. Tun ambaliyar 2022 ba ma ɗora buhu a ƙasa, sai a kan katako, a ɗaki mai tudu. Ba ma kuma tara abin da ya wuce na ci da na gumi, don kada mu shiga sahun masu ɓoye abinci.

Wasu matasan ƙungiyar sun ɗauki tsarin sun kai shi kan hannun jari, inda babu gara babu danshi, babu kuma kakar da aka sani, can ne ma ya fi dacewa. Abin da nake gaya musu shi ne su tabbatar dillalin yana da rajista da hukumar SEC, hannun jarin kuma yana shiga asusun CSCS da sunansu. Su kuma sani kamfani yana iya faɗuwa ya ƙi tashi, alhali shinkafa ko ta faɗi a kasuwa ana dafa ta. Ɗaya daga cikinsu ya kawo mini takardarsa makon jiya, muka raba jimillar abin da ya zuba da yawan hannun jarin da ya tara, muka rubuta abin da ya fita a gefen farashin ranar. Albashin wannan wata na shiga, zai ƙara layi na goma sha ɗaya.