Harafi ɗaya a sunan mahaifi: kafin ka je gyara katin NIN

Shekarun da na yi ina cike wa mutane fom a shagona na kwamfuta sun nuna mini cewa yawancin masu zuwa gyaran suna ba su san wanne rubutu ne daidai ba. Sun dai san an ce da su "bai yi daidai ba" a banki ko wajen yin fasfo.

Kwanaki wani dattijo ya zo da 'yarsa mai shirin rubuta JAMB. Ya zaro takardar NIN ɗinta daga cikin leda, duk ta sha ninki, ya ɗora yatsa a layin da aka rubuta Surname. Suleiman ke wurin, alhali sakamakon sakandarenta da takardar haihuwarta duk Sulaiman suka ce. Ya ce, "Ɗana, ai suna ɗaya ne, ni ne dai mai sunan." Na ce, "Haka ne, Baba, a kunnenmu ɗaya ne. Amma na'ura haruffa take gwadawa ɗaya bayan ɗaya, in ta ga e a inda take neman a, ta ɗauka mutum biyu ne."

Mu Hausawa wannan matsala ta fi cin mu, domin sunayenmu na Larabci kowa da yadda yake rubuta su da boko. Muhammad kaɗai yana da rubutu sama da huɗu. Ga shi ba mu saba da sunan dangi tsayayye ba: wani ya sa na mahaifi, wani na kaka, wani na garinsu. In mai rajista ya rubuta abin da ya ji, mai suna kuma bai duba allon ba kafin a tura, shi ke nan.

Abin da nake fara yi shi ne in sa mutum ya baje duk takardunsa a tebur: ta haihuwa, ta makaranta, bayanan BVN, fasfo in yana da shi. Sai mu nemi rubutun da ke kan takardun da suka fi daɗewa kuma suka fi wuyar sauyawa. A ganina nan ne aikin yake. Na ga wanda ya gyara NIN don ya dace da banki, daga baya ya tarar ya raba shi da takardun karatunsa, ya koma gidan jiya. Ita yarinyar nan, NIN ne ya saɓa wa tsofaffin takardunta, don haka shi za a gyara.

Sai suka je kotu aka yi takardar rantsuwa. A nan ma a kula: ta ambaci rubutun kuskuren da na daidai a fili, ta ce mutum ɗaya ne. A karanta ta harafi-harafi kafin a buga hatimi, don na sha ganin takardar rantsuwa ɗauke da sabon kuskure. Gyaran harafi kuma daban yake da sauya suna baki ɗaya, wanda a nan ne ake haɗawa da sanarwar jarida ko takardar aure.

Hukumar NIMC tana da shafin gyara da kanka. Za a buɗe asusu da lambar NIN, a ɗauki hoton fuskar mai lambar don tabbatarwa, a zaɓi gyaran suna, a ɗora hoton takardun, a biya kuɗi ta shafin, sannan a jira amincewa. Hoton takarda in ya yi dishi-dishi ko an yanke gefensa, ana iya mayar da buƙatar. Imel da lambar waya su zama na mai katin, kada a yarda mai shago ya sa nasa, ko da ni ne.

Dattijon ya tambaye ni ko ba zai fi sauƙi a sake mata rajista ba. Na hana shi. Lambar nan mai alƙaluma 11 ɗaya ce har ƙarshen rai, zanen yatsu kuma zai nuna an taɓa yi, rajista biyu laifi ne. Haka masu goge harafi da biro ko su gyara hoton katin a kwamfuta: sunan yana cikin rumbun hukuma, can banki ke dubawa, kuma abin da suka yi jabu ne.

Na kuma roƙe su kada ta tura NIN zuwa 55019 don karɓar lambar JAMB sai gyaran ya fito, saboda sunan da ke rumbun a lokacin shi za a ɗauka. Da aka amince, muka fitar da sabuwar takarda, lamba ba ta sauya ba, Sulaiman ya zauna daidai. Tsohuwar na ce ta adana tare da takardar rantsuwar. Asusun ajiyar da aka buɗe mata da tsohon rubutun bai gyaru da kansa ba, sai da ta kai sabuwar takardar banki ta cike fom.