Yadda Ake Tsara Takardar Ɗaukar Nauyin Nas Mai Tafiya Birtaniya

A Jega, Aliero da Maiyama, in aka ji nas ta ce "takardata ta fito", ba biza take nufi ba tukuna. Takardar asibitin da ya ɗauke ta aiki ce, kuma biyu ne: wasiƙar tayin aiki, da shaidar ɗaukar nauyi, CoS, wadda lamba ce kawai a na'ura.

Mu ɗauki wata 'yar Maiyama da ke aiki a Jega. Ita ta nemi aikin da kanta, don Najeriya na cikin ƙasashen da aka hana asibitocin gwamnatin Birtaniya farautar ma'aikatan lafiya. Ta ci jarrabawar Turanci da ta kwamfuta, an yi mata intabiyu. Daga nan ofishin ma'aikata na asibitin zai rubuta sunanta harafi da harafi kamar yadda yake a fasfo, da muƙami, da ayyukan: ba da magani, wanke ciwo, rubuta rahoto, dutin dare, awa 37.5 a mako.

Wurin albashi ne ake tuntuɓe. A Ingila matakin farko na cikakkiyar nas, Band 5, ya kai fam 31,049 a shekarar 2025, wato kusan fam 2,587 a wata kafin haraji da fansho. Amma ranar da ta sauka, ba cikakkiyar nas ba ce a idon hukumar NMC, sai ta ci jarrabawar aiki da hannu, OSCE. Hannun da ya saba gano jijiya da tocilan a daren da babu wuta, shi ma sai an gwada shi! Kafin nan ƙaramin albashi za a ba ta. Wasiƙa mai kyau tana fayyace albashin biyu, da lokacin da za a koma na sama, da kuɗin da za ta mayar in ta bar aikin da wuri. Tsoffin hannu kan ajiye wasiƙar kusa da kwafin CoS su bi layi-layi, domin saɓanin adadi na iya jawo tsaiko.

Ranar fara aiki ita ke jan sauran lissafi. Ba a neman biza fiye da wata 3 kafin ranar, lambar CoS kuma tana mutuwa wata 3 bayan fitarta. A tsakani ne za ta sheƙa Abuja gwajin tarin fuka.

Batun masauki kuwa, a rubuta adireshi, da yawan watannin kyauta, da kuɗin haya bayansu. In asibitin bai tabbatar a CoS cewa zai riƙe ta a watan farko ba, sai ta nuna fam 1,270 da suka yi kwana 28 a asusunta.

Dillalin da ya ce a kawo kuɗin CoS, a guje shi, don asibiti ke biya. Sunan kowane asibiti mai lasisin ɗaukar nauyi yana cikin rajistar shafin gov.uk, kuma dubawa kyauta ce.