Katin Rigakafin Shawara a Kan Iyaka: Nazarin Dalilan Ƙin Karɓarsa

A watan Maris na 2012 hukumomin Afirka ta Kudu suka mayar da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgin saman Johannesburg, bisa zargin cewa katunan rigakafin shawara da suke ɗauke da su na jabu ne. Nijeriya ta mayar da martani da korar matafiyan waccan ƙasa, har sai da Afirka ta Kudu ta nemi afuwa. Wannan maƙala za ta dubi katin da ya jawo rikicin, da hujjojin da jami'in kan iyaka ke dogaro da su wajen ƙin karɓarsa.

Tushen katin shi ne Dokokin Kiwon Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke kula da su. Rataye na 6 ya fayyace siffar takardar, na 7 kuwa ya keɓanta da cutar shawara. Jami'in da ke bakin iyaka ba ya auna jinin matafiyi don ya ga ko yana da kariya. Rubutun da ke gabansa kawai yake wa hukunci, saboda haka mutum na iya yin allura ta gaskiya a kuma ƙi katinsa bisa ƙa'ida.

Dalilin da ya fi saurin kama mai gaskiya shi ne lissafin kwanaki. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, domin a cikin wannan tsakani ne jiki ke haɗa garkuwarsa. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya sayi tikitin Akara na ranar 10 ga Maris, sa'annan ya je aka yi masa allura ranar 3 ga wata. Katinsa zai fara aiki ne ranar 13. Idan ya sauka ranar 10, kwana bakwai kacal ya yi, kuma Gana na neman katin daga masu shigowa. Hatiminsa sahihi ne, sa hannun ma haka, amma a idon doka tamkar bai da kati yake. Dokokin sun ba ƙasar da ke da sauron da ke yaɗa cutar damar killace irin wannan matafiyi har katin ya fara aiki, ko kuma na tsawon da bai wuce kwana shida ba, wato iyakar kwanakin da cutar kan ɓuya a jiki kafin ta bayyana. Maganin abin shi ne a yi allura kafin a tsayar da ranar tafiya.

Sai kuma cikar rubutun. Wajibi ne a cike katin da Ingilishi ko Faransanci, a rubuta sunan kamfanin da ya haɗa allurar da lambar rukuninta, ma'aikacin lafiyar da ya kula da aikin ya sa hannu da kansa, sa'annan a buga hatimin cibiyar da gwamnati ta amince da ita. Hatimi ba ya maye gurbin sa hannu. Gogewa, ko gyara, ko barin wani gurbi fanko, kowanne na iya ɓata takardar. Wanda ya gyara kwanan wata da bironsa, ko da gyaran daidai ne, ya rusa katinsa da hannunsa.

Akwai wata matsala da ta shafi fagenmu kai tsaye, wato rubutun suna. Bahaushe guda na iya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a katin rigakafi, Mamman a bakin mutanen unguwa. Usman na Katsina shi ne Ousmane na Maraɗi, kuma sunan gari kan shiga wata takarda a matsayin sunan mahaifi, ya ɓace a wata. Jami'in da bai san al'adar sanya suna ta Hausawa ba mutum biyu yake gani. A ganina, ma'aikacin da ke cike katin ya kamata ya kwafi sunan daga fasfo harafi da harafi, kada ya rubuta abin da kunnensa ya ji.

A wani wurin kuma jami'in ne ke kuskure. A da katin na shekara 10 ne, amma daga 11 ga Yulin 2016 ya zama na tsawon rayuwa, kuma gyaran ya haɗa da tsofaffin katuna, komai ranar ƙarewar da aka rubuta a kansu. Wanda aka yi wa allura a 2009 ba a da hurumin tilasta masa sakewa don wa'adin shekara 10 ya cika. Sai dai a Nijeriya an sauya tsohon katin da na zamani mai lambar tantancewa a 2019, domin daƙile na jabu, don haka mai riƙe da tsohon ya kyautu ya je ofishin kiwon lafiya na tashoshin shiga ƙasa a sauya masa kafin ranar tafiya.