Tsoron Magana a Wurin Aiki Bayan Cin Mutunci

Ma'aikacin da shugabansa ya ci wa mutunci a bainar jama'a yakan kama bakinsa daga ranar, domin zuciya ta riga ta haɗa magana da kunya. Da an nemi ra'ayinsa a taro, sai gabansa ya faɗi, bakinsa ya bushe. Abin takaici, shirun kansa ke ƙara wa tsoron ƙarfi, tunda mutum bai sake samun damar ganin cewa magana na iya wucewa lafiya ba.

Maganinsa shi ne komawa sannu a hankali. Akawun da aka yarfa kan kuskuren lissafi zai iya farawa da tambaya ɗaya da ya rubuta tun a gida, daga baya ya nemi ganawa da shugaban su biyu kaɗai. Idan wulakancin ya maimaitu, sai ya rubuta rana da shaidu, ya kai ƙorafi sashen kula da ma'aikata.