Idan Lissafin Albashin Kamfani Ya Saɓa Da Na Ma'aikatansa

A ƙarƙashin tsarin harajin albashi a Nijeriya, kamfani ne ke cire haraji daga albashin ma'aikaci, ya kai wa hukumar tara kuɗaɗen shiga ta jihar da ma'aikacin yake zaune, kafin ranar 10 ga watan da ya biyo baya ta wuce. Haka kuma wajibi ne kamfani ya miƙa jadawalin albashin shekarar da ta gabata zuwa ranar 31 ga Janairu, shi ko ma'aikaci ya bayyana dukkan abin da ya samu zuwa ranar 31 ga Maris. Hukumar takan gwada takardun biyu, in suka saɓa sai ta aiko da takardar neman bayani.

Alal misali, a ɗauki ƙaramin kamfani mai ma'aikata 12, kowanne yana karɓar Naira 150,000 a wata. Jadawalin kamfanin ya nuna Naira 21,600,000 a shekara, amma jimlar abin da ma'aikatan suka bayyana ta kai Naira 22,950,000. Ke nan akwai giɓin Naira 1,350,000.

Abin da ya kamata akanta ya yi shi ne ya bi lissafin mutum-mutum, yana gwada takardar albashi da bayanin banki da littafin kuɗin hannu, domin jimla kaɗai ba ta nuna inda kuskure yake. A wannan misali, binciken ya nuna cewa kamfanin ya raba wa kowane ma'aikaci Naira 100,000 hannu da hannu a matsayin garaɓasar ƙarshen shekara, ba tare da an shigar da ita jadawalin albashi ba. Wannan ya ba da Naira 1,200,000. Sauran Naira 150,000 kuɗin hayar shago ne da wani ma'aikaci ya rubuta a gurbin albashi bisa kuskure.

Hukuncin abubuwan biyu ba ɗaya ba ne. Kuɗin haya ba ruwan kamfani da shi, ma'aikacin ne zai gyara takardarsa. Amma garaɓasa tana cikin ladan aiki, don haka akwai haraji a kanta. Bisa ma'aunin da ya fara aiki a Janairun 2026, abin da ya haura Naira 800,000 har zuwa miliyan 3 a shekara ana cire masa kashi 15 cikin ɗari, wato Naira 180,000 a kan garaɓasar baki ɗaya. Kamfanin da bai cire ba shi za a bi wannan bashi, tare da tara da kuɗin ruwa.

Saboda haka sai kamfanin ya amsa a rubuce, ya haɗa da gyararren jadawali da rasiɗan biyan kowane wata, ya kuma biya abin da ya rage. Idan har hukumar ta riga ta ƙayyade masa haraji kuma bai gamsu ba, yana da kwana 30 ya shigar da ƙorafi a rubuce. In ya yi shiru wa'adin ya wuce, adadin da aka ƙayyade shi ne zai tabbata a kansa.