Haila Mai Yawan Dawowa

A makarantun 'yan mata, malama ce yarinya ta kan fara kai wa kuka idan ta ga al'adarta tana zuwa bayan mako biyu ko uku. Don haka na ga ya kamata mu da mu ke koyon aikin malanta mu san abin da za mu ce mata.

Da fari sai a yi lissafi. Ana ƙirgawa ne daga ranar da jini ya fara zuwa ranar da na gaba ya fara, ba daga ranar da ya ɗauke ba. Ga misali. Yarinya ta ga jini ran 1 ga Maris, ya ɗauke ran 7, ya komo ran 25. Ita za ta ce mako biyu da 'yan kwanaki kaɗai ta huta, amma kwana 24 ke nan, ba laifi. Wata kuwa ta gani ran 1, da ran 17, da ran 2 ga Afrilu, watau kwana 16 ke tsakani. Wannan ya yi kurkusa, gama abin da ya kasa kwana 21 ya fita daga ƙa'ida.

To, me ke kawo haka? Kowane wata ƙwai ɗaya ya kan fito daga ma'ajinsa, sa'an nan gurbin da ya bari ya yi ta fid da wani sinadari mai riƙe shimfiɗar mahaifa har wajen kwana 14. In ƙwai bai fito ba, babu mai riƙe shimfiɗar, sai ta riƙa zubewa ba kan lokaci ba. Wannan ya fi samun 'yan mata cikin shekara biyu ko uku na farkon haila, da matan da suka haura arba'in. Na 'yan mata ya kan daidaita da kansa. Akwai kuma ɗan ɗigo na yini guda da wasu mata ke gani a tsakiyar wata sa'ad da ƙwai ke fita, wannan ba haila ba ce.

Amma ni ban yarda a ɗora kome a kan ƙuruciya ba. Ciwon halittar nan ta wuya, wadda in ta kumbura a ke kira maƙoƙo, ya kan rikita haila. Haka nan ciwon sanyi, da ƙari a mahaifa, da allura ko ashanar tazarar haihuwa. Jini bayan saduwa kuwa, dole a duba bakin mahaifa. In ana zaton ciki, ga jini, ga ciwon mara a gefe ɗaya da jiri, a tafi asibiti ran nan, kada a kwana.

Yawan zubar nan yana rage jini. A ja fatar idon yarinya ƙasa a duba. In ta yi fari, tana kuma haki da kasala a aji, a kai ta a auna jininta. In ba haka, ta rubuta kwanakin a bayan littafinta har wata uku, ta tafi da su wurin likita.