Amsoshin Tambayoyinku: Yaya lambobin waya da kamfas ke fitar da wanda ya ɓata a daji?

Tambaya: Malam, na ji labarin wasu abokai biyu da suka ɓata a duwatsun Filato gab da magariba, wai lambobin waya da kamfas ne suka kai su hanya. Ta yaya, alhali babu sabis a wurin? Daga wani mai karatu a Bauchi.

Amsa: Malam, waya ba ta buƙatar sabis kafin ta san inda take, domin daga taurarin ɗan'adam na GPS take karɓar saƙo. Lambobi biyu take bayarwa: na farko nisanka arewa da layin da ya raba duniya biyu, na biyu nisanka gabas da layin Greenwich. Digiri ɗaya wajen kilomita 111 ne, ke nan 0.001 kimanin mita 111. A ƙasarmu ma'aunin gabas da yamma ma kusan haka yake.

Mu ɗauki misalin mutanen nan. Da safe sun ajiye mota a bakin wata hanya da ta miƙe daga gabas zuwa yamma, suka rubuta a takarda: 9.950 arewa, 9.050 gabas. Da rana ta faɗi, turba ta ɓace musu, waya ta nuna 9.941 da 9.059. Suka zauna a kan dutse suka yi lissafi. Bambancin 0.009 ne ta kowane ɓangare, wato motar tana kilomita ɗaya arewa da su, ɗaya kuma yamma. Arewa maso yamma sosai ke nan, digiri 315 a kamfas.

Amma ba su bi 315 ba, kuma nan dabarar take. Mai tafiya cikin duhu dole ya ɗan kauce, idan ya fito hanya bai ga mota ba, ba zai san dama zai yi ko hagu ba. Sai suka saita 330 da gangan, don su tabbata za su ɓullo gabas da motar, bayan tafiyar kimanin mita 1,150.

Suka kashe hasken waya don tattalin caji. Ɗaya ya wuce gaba da tocila, na baya ya riƙe kamfas a kwance a tafin hannu, nesa da wuƙa da waya, saboda ƙarfe yana jan allurar. Yana cewa, "Matsa dama kaɗan, tsaya nan," sannan ya taka ya iske shi. Duk mita ɗari sai ya jefa tsakuwa ɗaya a aljihu. Da suka ci karo da kwazazzabo, sai suka shaida wata bishiya a ƙetare, suka zagaya, suka ci gaba daga gindinta.

Tsakuwa ta 12 ba ta shiga aljihu ba suka ji ƙasa ta daidaita a ƙarƙashin ƙafafunsu. Suka yi hagu ba tare da gardama ba, motar na nan kimanin mita 400 gaba. Da ba su rubuta lambobin nan da safe ba, da babu abin da za su auna da shi da dare.